Goro Iri Ne

Habibu ɗana, tun da yau mabuɗin rumfa ya koma hannunka, ga abin da na rubuta a ganyayen ƙarshe na littafin lissafi. Ba karin maganar kakanni ba ne, kada ka je ka faɗa a gaban dattawan Aboabo, unguwarmu a nan Kumasi, ka ce haka Hausawa suka ce. Ni na ƙaga su, a zaune ina zaɓen goro. Duk a kan abu guda suke: wannan da muke ƙirgawa ƙwarya-ƙwarya muna sayarwa iri ne mai rai, kuma mu 'yan kasuwa mun fi kowa mantawa da haka. Wasu gajeru ne, wasu sun ƙi gajarta na bar su.

Mai ci goro yake gani, mai gona bishiya.

Ƙwarya ɗari ce a wurin dillali, a wurin manomi kurmi ce.

Ko a huhu yake, goro ƙasa yake nema.

Wanda ya shuka goro da furfura a kansa ya riga ya raba goron auren jikarsa.

Wannan na ƙarshe na yi shi ne saboda wani tsoho Batone, wato mutumin Asante, da nake saye a gonarsa. Bishiyar goro takan yi shekaru kafin ta ba da 'ya'yan fari, ta ƙara wasu kafin ta cika. Tsohon kuwa yana dasa sababbi a tsakanin bishiyoyin kokonsa, sanda a hannu ɗaya, dashe a ɗayan.

Ja da fari kwasfa ɗaya suka kwana, a kasuwa aka raba musu kuɗi.

Iri ba ya zaɓen hannun da zai binne shi.

Ayabar da ta yi wa ƙaramin goro inuwa ba ta ganin 'ya'yansa.

A kan wannan zan ɗan tsaya. Dashen goro ba ya jure rana tun yana ƙarami, shi ya sa manoma ke sa shi a gindin ayaba. Ayaba ta haihu sau ɗaya a sare ta, goro ya yi ta tsawo har ya wuce rufin soro. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce kai, wannan bishiya ta yi albarka, babu mai tambayar wa ya tare mata rana. Idan ka karanta wannan ka tuna mahaifiyarka, ƙanwata, Allah ya jiƙanta, da kokon da ta sayar a bakin masallaci har ka gama makaranta. Ka tuna kuma malamin allonka da ba ka taɓa kai wa goron Sallah ba.

Ruwa kaɗan rai, ruwa da yawa makara.

Goron da aka so ƙwarai shi aka jiƙa har ya ruɓe.

Wanda ya bushe ba ya tsira, ko an kai shi gonar sarki.

Sankarar goro ba ta sallama.

Mai jin kunyar cire ruɓaɓɓe zai karɓi gaisuwar huhu duka.

Huhun da aka ɗaure aka ce sai an tashi sayarwa, ranar kwancewa za a san cewa kaya ma suna fushi. Abin da ke da rai ba a ajiye shi, zama ake yi da shi: a buɗe, a duba, a juya, a canza ganye, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Haka goro, haka abokin ciniki, haka matar aure, haka ɗan'uwan da ke Nima wanda sai rasuwa ke haɗa ku.

Na san za ka ce wannan ya yi tsawo, ba ya shiga baki. Gaskiya ne. Ka riƙe jimlar farko, sauran na zaman dare ne.

Goro ɗan kurmi ne, sarautarsa a Arewa take.

Uwar ba ta taɓa ganin Kano ba, 'ya'yan sun san ƙofofinta duka.

Iri ba ya tafiya, ɗaukarsa ake yi, amma shi ke shata wa fatake hanya.

Kakanninmu ba Kumasi suka nufa da fari ba. Gwanja suke zuwa, su sauka Salaga da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fatu, Tonawa su hauro da goro daga kurmi a haɗu a can. Wata da watanni ana tafe, madugu a gaba, kowane zango sai an kwance an duba kaya. Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya sassauta. A 1892 yaƙin basasa ya watsa kasuwar, mutane suka bazu, wasu Kete Karachi, wasu bakin teku, wasu daga baya suka gangaro nan gindin bishiyar kanta. Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, yana cikin waɗanda suka gane cewa a loda goro a jirgin ruwa zuwa Ikko ya fi a bi daji da jaki. Duk wannan kai-komo a kan ƙwayar da ba ta cika tafin hannun yaro ba. Shi ya sa na ce:

Jaki ya gaji, jirgi ya karɓa, mota ta gada, goro bai sauya halinsa ba.

Zango wurin kwana ɗaya ne, sai iri ya faɗo daga kaya.

Wanda ya ce gobe zai koma gida, ka duba ko ya yi saiwa.

Kana iya tuge dashe da hannu ɗaya, bishiya sai ka tafi da ƙasar.

Na ƙarshen nan na 1969 ne, shekarar da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu su fita. Ina yaro a lokacin. Na ga mutanen da aka haifa a Zango suna hawa mota zuwa garin da sunansa kawai suka sani. Wasu sun kama a can, wasu sun dawo, wasu babu labari. Ba na son a yi ta maimaita zancen, amma kada ka yarda wani ya ce maka mu 'yan ci-rani ne a nan.

Yanzu na kasuwa, waɗanda za su fi yi maka amfani daga gobe.

Nata, wato sabon goro, ke da kyan gani, daushe ke da kuɗi.

Sabon goro hanzarin fita, tsohon goro hanzarin tsira.

Wannan ba wasa da magana ba ne, manoma sun sani: wanda aka ɓare yau aka binne yakan daɗe a ƙasa yana shawara, wanda ya yi watanni a ganye shi ke saurin fasowa. Idan yaro ya zo maka da zafin nama ka ba shi aiki. Idan za ka ba da amana, nemi wanda ya kwana a huhu.

Marsa ke jawo mai saye, minu ke cika ƙwarya.

Farsa ba ta jiran kasuwar gobe.

Sirri goro ne, da an fasa ya fara sauya launi.

Goro yana hana barci, bashinsa ya fi shi iyawa.

Wanda ya ci iri da rani zai yi wa damina ƙarya.

Uwar kuɗi iri ce, riba ita ce ta taunawa. Mai rumfar da ya rasa bambanta su zai yi Sallah ɗaya mai kyau, a yi ta zancen rigarsa daga Alabar har Asawase, Sallah ta biyu a same shi yana ƙirga wa wani goro.

Akwai wanda na daɗe ina juyawa, shi ne na ganye. Ka san ba a ɗaure huhu sai da fita, ganyen da ake naɗe goro da shi. Ita ke riƙe danshi, ita ke shan zafin hanya daga nan har iyaka, ita ke baƙi don goro ya isa da haskensa. Da an sauke kaya, ita ake fara sharewa.

A ƙarshen tafiya ganye ake zubarwa, alhali shi ya kawo goro da rai.

Saboda haka matan da ke ɓare mana kwasfa suna wankewa, da yaran da ke lodi, da 'yan matan Arewa masu dakon kaya a Kejetiya, ka biya su kafin guminsu ya bushe, kuma kada ka ja musu ciniki a kan sidi ɗaya. Wannan ba karin magana ba ne, umarni ne.

Ɗaci a gaba, zaƙi sai an sha ruwa.

Mai tofar da goro a taunar farko zai rantse mai daɗinsa maƙaryaci ne.

Gaskiya da goro, yaro ba ya so.

Goro ɗaya ya tara mutum ɗari a ɗaurin aure, bai iya zaunar da biyu lafiya.

Mai ba ka goro da hannu biyu, duba ko akwai magana a ƙarƙashin ganyen.

Ɓari biyu ne, tsiro ɗaya. Idan 'yan'uwa suka raba gado kowa ya ce nasa ɓarin ya fi, to su tauna, su sha ruwa, su wanke baki, amma kada su je suna duban ƙasa suna jiran bishiyar ubansu.

Ka karanta wa 'ya'yan ɗakin nan wannan idan ta Allah ta kasance a kaina. Gonar da ke hanyar Ofinso kada a yanka ta gunduwa-gunduwa. A raba abin da ta haifa bisa shari'a, ita a bar ta tsaye.

Da akwai wani da na yi a kan mata, wai ja ne ko fari sai an ɓare kwasfa. Hajiya ta ji ina karantawa ta ce idan haka ne ita ma tana da nata a kan maza, kuma nata ya fi nawa tsawo. Na soke shi, za ka ga layin biro a kai.

Huhu uku na kusurwar hagu daushe ne, kada ka saki sai bayan azumi, ko an yi maka tayi mai daɗi. Na dama akwai wanda nake zargi, ka kwance shi gobe da safe kafin ka buɗe wa kowa ƙofa. Sunayen masu bashi suna shafin da na naɗe. Direban da ke kai mana kaya Legas zai zo ran Laraba, ka ƙirga a gabansa, ka sa ya sa hannu.

Kawunka,
Aboabo, Kumasi