Bayanin Manufata a Aikin Koyarwa

Zuwa ga kwamitin zaɓen ɗalibai na Makarantar Horon Malamai ta Zinder
Daga Rakiya Habu Laminu, ɗalibar shekarar ƙarshe ta lisans, Jami'ar André Salifou

Assalamu alaikum.

Ina neman gurbi a wannan makaranta domin in koyar a aji ɗaya da aji biyu na firamare. A ganina malami bai gama darasi ba sai ya gani da idonsa, a kan allon kowane yaro, cewa abin ya zauna. Amsar da aji ya yi da baki ɗaya ba shaida ba ce. Yaro saba'in na iya rera jimla daidai alhali goma ne kaɗai ke karanta ta, sauran muryar goman nan suke bi.

Da harshen da yaro ya zo da shi daga gida zan fara. A nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida matsayi a makaranta, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Hujjata dai ta cikin aji ce. Ɗan shekara bakwai da aka ce ya koyi karatu da Faransanci kai tsaye an ɗora masa kaya biyu lokaci guda: gane baƙi da gane ma'ana. In ya haɗa "na" da "ma" ya ji "nama" ya fito daga bakinsa, nan take ya san abin da karatu yake nufi.

Darasin karatu na minti 30 haka zan raba shi. Minti 5 na bitar baƙaƙen jiya, a hargitse, ba a jeren da aka koya su ba. Minti 5 na kunne kawai: in faɗi kalmomi, yara su ɗaga hannu in sun ji sautin ranar. Minti 10 na haɗa gaɓoɓi a babban allo. Minti 10 na ƙarshe na shifta a ƙananan alluna: in faɗi kalma sau biyu, su rubuta, in buga tebur, kowa ya ɗaga allonsa sama, in bi layi layi da ido. Daga wasalin a da baƙaƙen n, k, m kaɗai ana samun kaka, mama, nama, kana, don haka tun makonnin farko yaro zai karanta kalma ta gaske.

Inda ake tuntuɓe sananne ne. Yara na juya b da d saboda siffarsu ɗaya ce, fuska ce ta bambanta, don haka ba zan koyar da su a mako ɗaya ba. Baƙaƙe masu lanƙwasa kuma bibbiyu zan kawo su da kalmomin da ma'ana ke raba su, kamar kafa da ƙafa, bari da ɓari, domin yaro ya ga cewa lanƙwasar ba ado ba ce. Wanda ya fito makarantar allo yakan fara rubutu daga dama. Zan sa ɗigo a kusurwar hagu ta allonsa, ba tare da na nuna masa cewa abin da ya koya wurin malaminsa kuskure ne ba. Ya riga ya san riƙon alƙalami da zaman karatu, wannan riba ce.

Faransanci da baki zai fara shiga, minti 15 kullum, gaisuwa da umarni da sunayen kayan aji. In lokacin rubuta shi ya yi, ba sai an sake koyar da m ko t ba. Abin da ya saɓa za a tsaya a kai: c ba ta karantuwa kamar a "ci", ou ita ce u tamu, ch ita ce sh, p kuma sai an yi atisayenta da leɓe don kada ta koma f.

Lissafi ma da hannu zai fara. Kowane yaro zai zo da tsinkayen kara, mu ɗaure su goma goma da zare. A 52 a cire 17, kuskuren da aka fi gani shi ne 45: yaro ya ga 7 ba ta fita daga 2, sai ya juya ya cire 2 daga 7. Maimaita masa "a ara ɗaya" ba ya gyara wannan. Sai ya ajiye ɗauri 5 da tsinke 2, ya rasa yadda zai ba da 7, ya kwance ɗauri ɗaya da kansa, ya ga 12 a gabansa, ya ƙare da 35. Akwai kuma abin da ke rikita yaranmu musamman. A kasuwa da dala ake ƙirge, a littafi da tamma. Yarinyar da ke talla ta san canji sarai, amma kuɗin da aka rubuta wa 100 ita dala ashirin take kiransa. In ba a bayyana mata cewa dala ɗaya tamma 5 ce ba, dala ɗari tamma 500, jaka tamma 1000, za ta faɗi lissafin da ta fi kowa iyawa a aikace. Zan kafa jadawalin dala da tamma a bango, shi ne kuma ƙofarmu ta shiga ninkin biyar.

Awon fahimta ba zai jira jarrabawar ƙarshen zango ba. Kowace Juma'a yara 10 za su karanta mini ɗaya bayan ɗaya, minti ɗaya kowanne, daga takardar da ba su taɓa gani ba, in rubuta a rajista inda kowa ya tsaya: baƙi, gaɓa, kalma ko jimla. A aji mai yara 70, mako bakwai ya isa in ji muryar kowa. Da wannan rajista zan kasa su rukuni uku, masu jimla su zauna da masu gaɓa, ni in ɗauki waɗanda ke baƙi minti 20 sau biyu a mako.

Ba zan riƙe bulala ba. Yaron da ke tsoron duka yakan kife allonsa ko ya kwafi na maƙwabci, ni kuwa kuskurensa nake bukata in gani. Doka uku za mu yi tare a makon farko, horon wanda ya karya ya zama gyaran abin da ya ɓata. Makara kuma sai na binciki dalilinta. A garin da ruwa ke wuya kamar namu, yarinya na iya makara don tana layin famfo tun asuba. Wannan magana ce da uwarta da ƙungiyar iyaye mata, ba da ita ba. Tambaya kuwa da suna zan riƙa yi, mace da namiji bi da bi, har layin baya. A watannin Afrilu da Mayu karatu da lissafi za su zo da safe, kafin zafi ya kwantar da aji.

Abu uku nake so wannan horo ya ba ni, domin lisans bai ba ni su ba. Ina so in tsaya gaban aji mai cunkoso ƙarƙashin idon gogaggen malami da zai gyara mini tsarin darasi da muryata. Ina so in koyi yadda ake karɓar ɗan Barebari, Bafulatani ko Buzu da ya shigo aji ba ya jin Hausa sosai, kada in yi masa abin da nake gudun a yi wa Bahaushe da Faransanci. Ina kuma so in iya gane yaron da ba ya gani ko ba ya ji da kyau tun watan farko, kafin a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. In an gama horo, a shirye nake a tura ni ƙauye, ko Mirriya ne, ko Magarya, ko Tanut.

Ina roƙon kwamiti ya dubi takarduna. Allah ya taimake ku a kan aikinku.

Rakiya Habu Laminu
Unguwar Birni, Zinder
14 ga Afrilu 2026