Takardar Ƙayyade Furotin na Kullum ga Malam Sani Abdullahi

Malam Sani, bisa awon da muka yi ranar Litinin, nauyinka kilo 75 ne, kuma kana ɗaga ƙarfe sau uku a mako, wato Litinin da Laraba da Asabar. Saboda haka na tsayar maka da giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin jikinka, wanda ya kama giram 120 a rana.

Giram 0.8 ga kowane kilo da aka saba ambatawa ma'auni ne na baligin da ba ya aikin ƙarfi, kuma da shi za mu bi, da giram 60 kawai za ka ci, abin da ya yi kaɗan ga mai son gina tsoka. Nazarin da aka yi a kan masu ɗaga ƙarfe ya nuna cewa ga yawancin mutane amfanin yana tsayawa ne a wajen 1.6, ko da yake wasu kan ci moriya har zuwa 2.2, wato giram 165 a nauyinka. Ban ga dalilin kai ka can ba a yanzu, domin kuɗin cefane ne zai ƙaru fiye da tsokar.

Ka raba adadin gida huɗu, kimanin giram 30 a kowane ci. Da safe, ƙwai uku suna ba da giram 18, kofin madara ya ƙara 8, burodi ya cike sauran. Da rana, kofin dafaffen wake yana da kimanin giram 13, sai ka haɗa shi da shinkafa da yankan nama biyu masu ɗan kauri. Da la'asar ka ci awara da gyaɗa ko kindirmo, da dare kuma tuwo da kifi ko kaza. A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin nauyin nama daban, nauyin furotin da ke cikinsa daban: giram 100 na dafaffiyar tsokar kaza, ban da ƙashi da fata, furotin giram 30 ne ko kusa da haka.

Adadin bai canzawa a ranakun hutu, saboda tsoka tana ci gaba da gyara kanta kwana ɗaya zuwa biyu bayan atisaye. Garin furotin na kanti ba dole ba ne matuƙar abinci ya cika lissafin.

Za mu sake awo bayan mako huɗu, da safe kafin karin kumallo, kuma idan nauyinka ya sauya da kilo biyu ko fiye za mu sake lissafi. Idan likita ya taɓa gaya maka cewa kana da matsalar ƙoda, kada ka fara wannan tsari sai ka nuna masa takardar nan ya amince.