Riyal Dubu Shida a Jidda

Bayan shekara uku tana yi wa amare lalle a Jidda, Rukayya ta tara riyal dubu shida, sai ta fara tunanin sana'ar da za ta zuba kuɗin.

Ɗinkin abaya ne ya fara shiga ranta, domin tana da hannu a keken ɗinki, amma farashin Balad ya sanyaya mata gwiwa, inda ake sayar da ɗinkakkiya ƙasa da kuɗin yadin da za ta saya. Aika dabino da turare zuwa Kano kuwa ba ta daɗe a kansa ba, saboda kuɗin awon kaya zai cinye ribar.

Saura abinci. Ta tuna yadda masu Umara daga Najeriya da Nijar suke gajiya da shinkafa da kaza, har su riƙa tambayar inda ake samun tuwo da miyar kuka.

“Inna, abinci zan yi,” in ji ta.

Mahaifiyarta ta ɗago daga tsintar shinkafa. “Akwai wahalar wuta, 'yar nan, kuma sai kin nemi izinin hukuma.”

“Zan nema, Inna.”

Washegari ta aika wa kawunta a Kano ya sayo kuka da daddawa.