Amsa kan rarar kuɗin taki da Alhaji ya biya

Birnin Kebbi, Jihar Kebbi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Alhaji.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da mutanen Bunza baki ɗaya, na rubuto ne game da rarar kuɗin da ka biya a cinikin takin da muka yi ranar Litinin. Gajeren saƙon da aka turo maka ta waya daga shagonmu, wanda ya ce ka zo ka karɓi kuɗinka, bai ɗauke da bayanin komai ba, kuma lafazinsa bai dace da dattijon da ya daɗe yana hulɗa da mu ba. Ina roƙon ka yi haƙuri, ka ɗauki wannan wasiƙa a madadinsa.

Ga yadda lissafin yake a littafinmu. Ka ɗauki buhu 60 na yuriya a kan naira 38,000 kowanne, wato naira 2,280,000, da buhu 20 na kamfa a kan naira 45,000, wato naira 900,000. Kuɗin lodi na buhu 80, naira 200 kowane buhu, ya kama naira 16,000, saboda haka jimillar abin da muke binka ita ce naira 3,196,000. A ɓangarenka kuwa, ɗanka ya kawo kafin alƙalami na naira 500,000 a hannu tun makon jiya, sannan ka turo naira 3,000,000 ta banki ranar da aka yi lodi. Abin da ya shigo mana ke nan naira 3,500,000, rararka kuma naira 304,000.

Na ga a saƙonka ka ambaci naira 320,000, kuma na fahimci inda bambancin ya fito. Lissafinka na kuɗin taki daidai yake, kuɗin 'yan dako ne kawai bai shiga ciki ba, mu kuwa mun sallame su nan take a bakin mota kamar yadda muka shirya da direbanka. An rubuta shi da jan biro a ƙasan rasidin da ke hannun direban, idan ka duba za ka gan shi. In har bayan ka duba akwai abin da bai kwanta maka ba, littafin yana nan, za mu buɗe shi a gabanka ko a gaban wanda ka wakilta.

Kuɗin nan amana ce a wurinmu, mun ware shi daga kuɗin ciniki, kuma kai ke da ikon faɗin yadda za a yi da shi. Idan kana so a maido maka ta banki, za mu tura cikin asusun da kuɗin ya fito, a ranar da ka ba da izini, cajin banki kuma mu za mu ɗauka, domin naira 304,000 ɗinka ta isa gare ka cif. Ba ma turawa wani asusu daban ko da an kira mu da sunanka, saboda masu damfara kan bi irin wannan hanya su karkatar da kuɗin mutane. Haka kuma babu wani ma'aikacinmu da zai tambaye ka lambar sirrin katinka ko lambar da banki ke turowa ta waya. Duk wanda ya nema, kada ka ba shi. Idan kuma ka fi son karɓa a hannu, sai a zo da rasidin, mai karɓa ya sa hannu a littafi.

Akwai kuma hanyar barin kuɗin a matsayin ajiya, wadda a ganina ta fi dacewa da kai, tunda shinkafar rani da ka dasa a fadama za ta nemi yuriya karo na biyu nan da 'yan makonni, farashi kuma yakan motsa idan manoma suka taso saye a lokaci ɗaya. Rararka ta yi daidai da buhu 8 na yuriya ba ragi ba ƙari. In ka amince, za mu ware su a sito, mu rubuta sunanka a jikinsu, mu ba ka sabon rasidi, kuma ko farashi ya tashi ba za mu nemi ciko ba. In ya sauka kafin ka ɗauka, za mu lissafa da sabon farashin mu ba ka abin da ya ragu.

Muna sauraron zaɓinka, ko ta waya ko ta bakin ɗanka idan ya shigo Birnin Kebbi. Allah ya sa albarka a noman bana, ya ƙara girma.

Wassalam.

Naka,
Mai kula da lissafin shago