Bin Sawun Sababi a Lamari Guda: Yadda Aka Rage Shekarun Tsayawa Takara a Nijeriya, 2016 zuwa 2018

Ranar 31 ga Mayu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan gyaran tsarin mulkin da ya rage shekarun neman shugabancin ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun dokokin jihohi kuma daga 30 zuwa 25. Tambayar wannan nazari ita ce: ta yaya 'yan majalisa suka amince da gyaran da zai ƙara musu abokan hamayya, alhali a zama guda suka yi watsi da wasu gyare-gyaren da suka daɗe ana kuka a kansu? Bayanin da ya fi yawo a bakin jama'a shi ne cewa gangamin matasa ne ya jawo haka. To amma kasancewar gangami ya gabata, doka kuma ta biyo baya, bai isa hujja ba, domin carar zakara ma tana gabatar fitowar rana.

Hanyar da aka bi a nan ita ce bin sawun sababi, wato a ɗauki lamari guda, a fayyace matakan da ake zaton sun haɗa sababi da sakamako, sa'an nan a nemi sawun da kowane mataki ya kamata ya bari idan da gaske ya auku. An auna kowace shaida da biyu daga cikin gwaje-gwaje huɗu da masanin kimiyyar siyasa Stephen Van Evera ya tsara a 1997. Na farko shi ne gwajin ƙofa: bayanin da ya kasa shigewa ya faɗi, wanda ya shige kuwa bai tabbata ba tukuna. Na biyu shi ne gwajin kama hannu dumu-dumu: samun shaidar yana ƙarfafa bayani ƙwarai, rashinta kuma ba ya rushe shi.

Sarƙar da ake da'awa da abokan hamayyarta

Da'awar nazarin ita ce gangamin ya yi tasiri ta hanyar tsadar da ƙuri'ar ƙi, ba tare da ya buƙaci sauya ra'ayin kowa ba. Sarƙar tana da haɗi huɗu. Masu gangamin, waɗanda ƙungiyar matasa ta YIAGA ta Samson Itodo ta jagoranta a ƙarƙashin taken #NotTooYoungToRun, sun mayar da koke na gaba ɗaya zuwa ƙudiri takamaimai mai masu ɗaukar nauyi. Daga nan ƙudirin ya zo gaban majalisa shi kaɗai, ta yadda ba a iya ɓoye matsayi a kansa. Sai masu gangamin suka riƙa bayyana wanda ya amince da wanda ya ƙi, a daidai lokacin da zaɓen 2019 ke ƙaratowa. A ƙarshe masu yanke hukunci suka amince da duk ɓangaren da amincewarsa ta fi musu arha a kan ƙinsa.

Akwai bayanai uku da ke hamayya da wannan. Na ɗaya, umarni ne daga fadar shugaban ƙasa ko jam'iyya mai mulki. Na biyu, guguwa ce daga ƙetare. Na uku, ƙudirin ya faɗa ne kawai cikin ayarin gyaran tsarin mulki da ke tafiya, ya isa inda ayarin ya isa.

Haɗi na farko da na biyu

Haɗin farko bai da wahalar tabbatarwa. A 2016 Tony Nwulu, ɗan majalisar wakilai na jam'iyyar PDP daga Legas, ya gabatar da ƙudirin, Sanata Abdul'aziz Nyako na APC daga Adamawa kuma ya ɗauki nauyinsa a majalisar dattawa. Jerin lokaci ya wadatar wajen kayar da bayanin guguwar ƙetare, domin gangamin duniya mai wannan suna da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar a Geneva ya zo ne a Nuwamba 2016, bayan na Nijeriya ya kankama, daga gare shi ma ya ari sunan. Abin da ya zo daga baya ba ya haifar da abin da ya riga shi, saboda haka wannan bayani bai shige ƙofa ba.

Haɗi na biyu ya dogara ne da wani sharaɗi da ba masu gangamin suka samar da shi ba, kuma adalci ne a faɗi haka. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu a kan gyare-gyaren da majalisar tarayya ta bakwai ta dunƙule wuri guda, aikin shekara da shekaru ya tafi a banza. Majalisa ta takwas ta koyi darasi, ta rarraba gyare-gyaren zuwa ƙudirori daban-daban, ana kaɗa wa kowanne ƙuri'arsa. Da an sake dunƙule su, ɗan majalisa zai iya cewa wani sashe dabam ya ƙi, matasa kuwa yana tare da su. Rarrabawar ce ta toshe wannan mafaka.

Haɗi na uku: inda hujja ta fi nauyi

A Yuli 2017 labari ya bazu cewa kwamitin gyaran tsarin mulki, bayan taronsa a Legas, ya ajiye ƙudirin gefe. Ranar 25 ga watan matasa suka yi tattaki zuwa harabar majalisa a Abuja. Washegari majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 86 a kan 10, ranar 27 kuma majalisar wakilai ta amince da 261 a kan 23. Sashe na 9 na tsarin mulkin 1999 yana buƙatar kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi, wato 73 cikin sanatoci 109 da 240 cikin wakilai 360, don haka ratar ba ta kai faɗin da alƙaluman ke nunawa da farko ba: a majalisar wakilai, da mutum 22 daga cikin masu amincewa sun ƙaurace wa zaman, da ƙudirin ya mutu ba tare da ko ɗayansu ya ce a'a ba.

Wannan jeri ya dace da sarƙar da ake da'awa, amma gwajin ƙofa kawai ya shige, tun da ana iya cewa shugabannin majalisa sun riga sun yanke shawara kafin tattakin. Abin da ya fi amfani shi ne duba sauran ƙuri'un wannan rana. A zaman na 26 ga Yuli sanatoci sun ƙi ƙudirin miƙa wa jihohi ƙarin iko, sun kuma ƙi ware wa mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai. Ke nan ayarin bai kai kowa gida ba, kuma bayani na uku ya raunana matuƙa. Bayanin umarnin fada shi ma bai samu gindin zama ba: a lokacin Shugaba Buhari yana jinya a Landan, shugabannin majalisun biyu, Bukola Saraki da Yakubu Dogara, kuwa tun asali sun hau kujerunsu ne ba da son uwar jam'iyya ba.

A jihohi ne aka samu shaida mafi ƙarfi. Gyaran yana buƙatar majalisu 24 cikin 36, masu gangamin kuma suka buɗe jeri biyu a bainar jama'a, ɗaya na jihohin da suka cancanci yabo, ɗaya na waɗanda suka ji kunya. Majalisar dokokin Taraba ta fara kaɗa ƙuri'ar ƙi, aka sanya ta a jerin kunya, daga bisani ta sake zama ta amince. Mambobin su ne dai na jiya, ƙudirin ma shi ne na jiya, ba a sauya masa ko wasali ba, abin da ya shiga tsakanin ƙuri'un biyu shi ne fallasa da matsin da ya biyo bayanta. Da wuya a samu wani daga cikin bayanan hamayya da zai iya ɗaukar wannan juyi, domin gwamnan Taraba ɗan PDP ne, ba mai karɓar umarnin jam'iyya mai mulki ba. Wannan shi ne mafi kusa da kama hannu dumu-dumu a cikin dukkan lamarin, ko da yake jiha ɗaya ce, kuma nauyinta na tabbatar da cewa sarƙar ta yi aiki ne, ba na auna yawan wuraren da ta yi aikin ba.

Jihohi 33 suka amince a ƙarshe. Ukun da ba su amince ba su ne Kano da Legas da Zamfara, dukkansu a hannun gwamnonin APC a lokacin. Da umarnin jam'iyya ne ke tafiyar da lamarin, jihohin da za a fi tsammanin biyayya daga gare su ke nan.

Haɗi na huɗu: abin da aka yanke daga ƙudirin

Idan gaskiya ne lissafin riba da asara ya motsa 'yan majalisa, to ya kamata a ga an datse ƙudirin a wuraren da ya fi taɓa masu ƙarfi. Idan kuwa an shawo kansu ne cewa shekaru ba su ne ma'aunin cancanta ba, babu dalilin da zai sa su bambanta kujera da kujera. Ƙudirin asali ya nemi a mayar da shekarun takarar gwamna da sanata daga 35 zuwa 30, na shugaban ƙasa kuma zuwa 30. Dokar da aka sanya wa hannu ta bar gwamna da sanata a 35, ta tsayar da shugaban ƙasa a 35, har shugaban da kansa ya nuna mamakin barin gwamna da sanata yadda suke a jawabinsa na ranar sa hannu. Sanatoci sun buɗe ƙofar wasu, sun bar tasu a rufe, gwamnoni kuma, waɗanda kowa ya san tasirinsu a majalisun jihohi, ba a taɓa kujerarsu ba. Makomar ƙudirin 'yancin ƙananan hukumomi ta ƙara fito da iyakar: shi ma yana da magoya baya masu ƙarfin murya, amma ya shafi asusun da gwamnoni ke riƙe da shi, kuma bai samu jihohi 24 ba.

Mataki na ƙarshe, wato sa hannun shugaban ƙasa, shi ne wanda shaida ta fi rauni a kansa. A Afrilu 2018 Buhari ya yi wata magana a Landan da matasa da dama suka fassara da cewa ya kira su malalata, a watan da ya bayyana aniyarsa ta neman wa'adi na biyu. Ranar 29 ga Mayu, a jawabin ranar dimokuraɗiyya ta wancan lokacin, ya yi alƙawarin sa hannu, bayan kwana biyu kuma ya cika, yana raha da matasan da suka halarta cewa su jinkirta yaƙin neman kujerarsa sai bayan 2019. Jerin ya dace da sarƙar, sai dai ya dace da wani bayani mai sauƙi, wato shugaban da jihohi 33 suka riga suka amince a gabansa ba shi da wata riba a ƙin sa hannu. Saboda haka nazarin ya ɗauki wannan mataki a matsayin alama kawai, ya jingina hukuncinsa a kan ƙuri'un Yuli 2017, da juyin Taraba, da kuma shekaru 35 da aka bari a kan kujerun gwamna da sanata.