Darasin Lissafi: Sukari Nawa Za A Ƙara Wa Zoɓo Ya Kai Kashi 10 Cikin 100?

Wannan takarda ta 'yan ajin SS2 ce. Ku karanta ta da biro a hannu, duk lissafin da kuka gani ku sake yin sa da kanku kafin ku wuce gaba.

Tambaya

Wata mai sayar da zoɓo ta dafa ta tace, ta zuba a bokiti. Nauyin zoɓon, ban da na bokitin, kilo 18 ne, kuma kashi 5 cikin 100 na wannan nauyi sukari ne. Da ta ɗanɗana sai ta ji tsami ya fi ƙarfi, tana so sukarin ya kai kashi 10 cikin 100. Ba za ta ƙara ruwa ba, sukari zalla za ta zuba.

(a) Idan ta zuba sukari kilo x, rubuta ƙa'idar da za ta nuna kason sukarin da ke cikin bokitin.
(b) Kilo nawa za ta zuba a sami kashi 10 cikin 100?
(c) Idan aka yi ta zuba sukari ba ƙaƙƙautawa, ina kason zai dosa?

Amsar gaggawa

Kafin mu shiga aikin, bari mu kawar da amsar da ta fi saurin zuwa baki. Kashi 5 cikin 100 na kilo 18 shi ne kilo 0.9. Mai gaggawa zai ce tunda ana so 5 ya koma 10, sai a ninka sukarin, a ƙara wani kilo 0.9, shi ke nan. To mu gwada. Sukari ya zama kilo 1.8. Amma nauyin abin da ke cikin bokitin fa? Ai ba 18 ba ne kuma, ya koma 18.9, domin sukarin da aka zuba bai ɓace ba, narkewa ya yi, nauyinsa na nan. Idan aka raba 1.8 da 18.9 za a sami kimanin 0.095, wato kashi 9.5. An kusa, amma ba a kai ba.

Duk darasin yau a nan yake. Kowane cokalin sukari da ya shiga bokiti aiki biyu yake yi: yana ƙara yawan sukari, yana kuma ƙara nauyin haɗin gaba ɗaya. Wanda ya riƙe wannan ba zai ɓata ba.

Sashe (a): gina ƙa'idar

Kaso ba komai ba ne illa nauyin sukari a raba da nauyin haɗin duka, sannan a ninka da 100. Bayan an zuba kilo x:

sukari = 0.9 + x
haɗin duka = 18 + x

Saboda haka:

```
C(x) = 100(0.9 + x) / (18 + x),   x ≥ 0
```

Ku lura x yana sama, yana kuma ƙasa. Da a sama kaɗai yake, da zanen ƙa'idar miƙaƙƙen layi ne, kowane kilo ya ƙara kaso iri ɗaya. Kasancewarsa a ƙasa shi ya lanƙwasa layin. Sharaɗin x ≥ 0 kuwa daga bokitin ya fito, ba daga takarda ba. A takarda, ƙimar da ta haramta ita ce x = −18 kaɗai, inda na ƙasa ke zama sifili. A zahiri kuma ba mai sa hannu ya tsamo sukarin da ya riga ya narke.

Da zarar kun rubuta ƙa'ida, ku jarraba ta da abin da kuka riga kuka sani. A nan mun san idan ba a zuba komai ba dole a sami 5. C(0) = 90/18 = 5. Ta yi daidai. Wannan gwaji ba ya cin minti ɗaya, amma yana ceton maki da yawa a jarrabawa.

Sashe (b): neman x

Muna so C(x) ya zama 10. Sai mu ninka ɓangarorin biyu da (18 + x) don a rabu da na ƙasa. Hakan ya halatta tunda 18 + x ba zai zama sifili ba matuƙar x ≥ 0.

```
100(0.9 + x) = 10(18 + x)
90 + 100x = 180 + 10x
90x = 90
x = 1
```

Kilo 1 za ta zuba. Mu tabbatar: sukari ya zama 1.9, haɗin duka ya zama 19, kuma 1.9/19 = 0.1, wato kashi 10 cif.

Akwai wata hanya, kuma ni ta fi burge ni, domin tana nuna abin da ke faruwa a cikin bokitin ba juya haruffa kawai ba. Ku tambayi kanku: mene ne bai canja ba? Ruwan zoɓon, wato duk abin da ba sukari ba. Tun farko kilo 18 − 0.9 = 17.1 ne, kuma ko buhu aka juye yana nan a 17.1. Idan sukari zai zama kashi 10, to ruwan zoɓo zai zama kashi 90 na sabon nauyi. Sabon nauyi ke nan 17.1/0.9 = 19. Daga 18 zuwa 19, kilo 1. Amsa ɗaya, layi biyu. A jarrabawa dai idan an ce ku rubuta ƙa'ida, ku rubuta ta, sannan ku duba amsarku da wannan hanya a gefen takarda.

Sashe (c): ina kason ya dosa?

Wannan dabara ta ruwan da bai canja ba za ta ba mu damar sake fasalin ƙa'idar. Tunda 0.9 + x daidai yake da (18 + x) − 17.1, to:

```
C(x) = 100 − 1710/(18 + x)
```

Wannan siffa ta fi ta farko faɗin gaskiya a sarari. Kason sukari shi ne 100 a ɗebe kason ruwa. Duk sanda x ya ƙaru, 1710/(18 + x) sai ya ragu, C ya hau. Amma wannan abin da ake ɗebewa ba zai taɓa zama sifili ba, domin 1710 ko da wace lamba aka raba shi amsar ba ta zama sifili. Don haka C yana matsowa kusa da 100 har abada ba tare da ya taɓa shi ba. Ga kaɗan daga cikin ƙimomin:

```
x      0    1     2      7      12    72    153
C(x)   5    10    14.5   31.6   43    81    90
```

Ku tsaya ku dubi wannan jadawali da kyau. Kilo na farko ya ɗaga kaso da 5. Na biyu da 4.5 kawai. Daga x = 72 zuwa x = 153 an zuba kilo 81, fiye da buhu ɗaya da rabi na kilo 50, amma ƙarin da aka samu 9 ne. Wanda kuma ke neman kashi 99 sai ya zuba kilo 1692. Idan za ku zana, layin zai tashi daga (0, 5), ya hau da sauri, sannan ya riƙa kwantawa a ƙarƙashin layin C = 100. Ku ja wannan layi na 100 da ɗige-ɗige, kada zanenku ya taɓa shi.

Juya ƙa'idar

Mai zoɓo ba C(x) ne damuwarta ba. Ita ta san kason da take so, x take nema. To mu sa p a madadin 10 mu bi matakan da muka bi ɗazu:

```
90 + 100x = 18p + px
x(100 − p) = 18p − 90
x = 18(p − 5) / (100 − p)
```

Yanzu kowane kaso aka faɗa, amsa na nan take. Kashi 24 yana buƙatar kilo 4.5, kashi 40 kilo 10.5, kashi 50 kuma kilo 16.2. Idan p = 100, na ƙasa ya zama sifili, babu amsa, abin da sashe (c) ya riga ya gaya mana ke nan. Idan kuma p bai kai 5 ba, a ce 3, x zai fito da alamar ɗebewa, kimanin −0.37. Kada ku rubuta wannan ku ja masa layi biyu a ƙasa. Lissafin yana gaya muku ne cewa ba a rage zaƙi da ƙarin sukari, ruwa ake ƙarawa, kuma wannan wata tambaya ce daban.

Ga kowane haɗi mai nauyi M wanda kasonsa na farko a ne, ƙa'idar ita ce x = M(p − a)/(100 − p). Ba na so ku haddace ta. Wanda ya haddace yakan manta ko 100 − p ne a ƙasa ko 100 − a, wanda ya san yadda ake gina ta kuwa zai sake fito da ita cikin layi uku.

Inda takarda da bokiti suka rabu

Ƙa'idarmu ta ɗauka cewa duk sukarin da aka zuba zai narke. Ba haka ba ne. A zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyos, giram 100 na ruwa yana narkar da sukari kimanin giram 200, ba ya wuce nan da yawa. Idan muka ɗauki kilo 17.1 ɗin nan a matsayin ruwa, iyakar abin da zai narkar kimanin kilo 34 ne, wato kason ya tsaya a wajen 67. Daga x kusa da 33 zuwa sama, sauran sukarin zai kwanta ne a gindin bokiti. Ƙimomin 81 da 90 na jadawalinmu gaskiya ne idan ana maganar nauyin duk abin da ke cikin bokitin, amma ba su ne zaƙin ruwan da ke sama ba. Gishiri ma ya fi saurin tsayawa: giram 36 a giram 100 na ruwa, kimanin kashi 26 ke nan.

Sai batun awo. Da kilo muka yi aiki tun daga farko, da gangan. Nauyi yana haɗuwa daidai, 18 da 1 su ba da 19. Lita ba ta yin haka: kilo 1 na sukari idan ya narke, abin da yake ƙara wa ruwa kimanin lita 0.6 ne. Don haka idan tambaya ta zo da ruwa a lita, sukari a kilo, kada ku tara su wuri ɗaya a ƙasan ƙa'ida sai kun mayar da su ma'auni guda.

Aikin gida

1. Ruwan gishiri kilo 11 yana da gishiri kashi 4 cikin 100. Rubuta C(x), sannan ka nemi gishirin da za a ƙara ya kai kashi 12. Bi hanyoyin nan biyu. (Amsa: kilo 1.)

2. A wannan ruwan gishirin dai, nemi x idan ana son kashi 30. Lissafi zai ba ka kimanin 4.09. Bayyana cikin jimla biyu dalilin da ya sa ruwan ba zai kai wannan kaso ba.

3. Zoɓon da ya kai kilo 19 da sukari kashi 10 ya yi wa masu saye zaƙi, ana so a sauko da shi zuwa 9.5 ta hanyar ƙara ruwa kilo w. Rubuta sabuwar ƙa'idar, ka faɗi ko w yana sama, ko ƙasa, ko duka biyu, sannan ka nemi w. Wace ƙima kason zai dosa idan aka yi ta ƙara ruwa?

A kawo ranar Litinin kafin darasin farko, tare da zanen C(x) na tambaya ta 1 daga x = 0 zuwa x = 20.