Roƙon Sauya Lokacin Jarrabawar GST 222 Saboda Ta Ci Karo da HAU 408

Zuwa ga: Jami'in Jarrabawa na Sashen Harsunan Nijeriya
Kwafi ga: Shugaban Sashe, Kodinatan Aji Huɗu
Daga: Nasiru Garba, aji huɗu, lamba HAU/21/0147
Rana: Laraba, 2 ga Yuli, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, barka da aiki, ya hidimar jarrabawa? Allah ya ba da lada, ya sa a gama lafiya.

Jiya da azahar na zo ofishinku, na tarar kuna taron sashe. Sakatare ya ce in rubuto imel domin maganar ta zama a rubuce, shi ya sa na turo wannan.

Malam, jarrabawata biyu sun faɗo rana ɗaya, lokacinsu kuma ya shiga cikin juna. A jadawalin ƙarshe da aka liƙa ranar Litinin, 30 ga Yuni, HAU 408, wato Ginin Jimlar Hausa, an sa ta ranar Talata, 15 ga Yuli, daga ƙarfe 9:00 na safe zuwa 12:00 na rana, a babban ɗakin taro na tsangayarmu. Da na buɗe fotal a daren ranar don in fitar da takardar shiga jarrabawar kwamfuta, sai na ga GST 222, kwas ɗin zaman lafiya da sasanta rikici, ita ma ranar Talatar ce, kuma an jefa ni rukuni na biyu, daga 10:00 zuwa 11:00, a cibiyar kwamfuta. A ƙasan takardar an rubuta cewa kowa ya hallara tun 9:30 domin tantancewa.

A jadawalin gwaji da ya fito ranar 23 ga Yuni babu wannan karon, domin a lokacin HAU 408 tana ranar Alhamis, 17 ga wata. Shi ya sa da wakilin ajinmu ya zagaya da takarda yana rubuta masu matsalar karo, ban ba da sunana ba. Na faɗi wannan don kada a ɗauka na ga matsalar tun farko na yi shiru sai da aski ya zo gaban goshi. Na san dalilin dawo da ita Talata shi ne ɗakin taron zai cika da wasu ɗalibai ranar Alhamis, kuma na san haɗa jadawalin ɗaruruwan kwasa-kwasai ba ƙaramin aiki ba ne. Ba laifin kowa nake gani ba.

Kafin in dame ku, sai da na zauna na duba ko zan iya haɗa biyun da kaina. Ba zai yiwu ba. Ko da na ce zan yi sauri in bar zauren farko, dokar da ke bayan katin jarrabawarmu ta hana fita kafin a cika awa ɗaya, ta kuma hana shigar wanda ya makara fiye da minti 30. Daga tsangayarmu zuwa cibiyar kwamfuta tafiyar minti 20 ce a ƙafa, idan ba a yi ruwa ba ke nan. Ranar da aka kwana ana ruwa a makon jiya, sai da muka zagaya ta bayan ɗakin karatu, domin hanyar kusa da filin ƙwallo ta zama tafki. Kuma Malam ya fi ni sanin cewa Ginin Jimla ba takardar da ake gamawa cikin awa ɗaya ba ce. Tambaya guda ta bishiyar li'irabi, a raba yankin suna da yankin aikatau, a bi kowane reshe har ƙasa da rula da fensir, takan cinye mini minti 25 a gida, inda babu mai tsaye a kaina. Idan na yi gaggawa zan ɓata ta farko, ta biyun kuma wataƙila in tarar an rufe ƙofa.

Wataƙila Malam zai tambayi abin da ya haɗa ɗan aji huɗu da kwas ɗin aji biyu. Ban faɗi GST 222 ba, rubuta ta ne ban samu yi ba. A zango na biyu na ajinmu na biyu, ana saura kwana biyu jarrabawar, aka kwantar da mahaifiyata a asibiti za a yi mata aiki, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Kwana tara na yi a wurinta. Na kawo takardar likita a lokacin, kwafinta yana cikin fayil ɗina a ofishin sashe. A aji uku na so in yi rajistarta, amma nauyin kwasa-kwasaina na zangon ya riga ya kai 24, fotal ya ƙi karɓar ƙari, Kodinata ya ce in bari sai bana. Na bari. Bana na yi rajista a kan lokaci, na halarci laccoci tare da 'yan aji biyu duk ranar Laraba da yamma, na rubuta gwajin da aka yi a watan Mayu, na sami 24 cikin 30. A HAU 408 kuwa sau ɗaya kawai na rasa lacca duk zangon nan, rajistar halarta tana hannun malamin kwas ɗin.

Abin da ya hana ni barci tun ranar Litinin shi ne, duk wadda na bari a cikin biyun nan, shekara guda ta tafi. Dukansu na dole ne, dukansu kuma na zango na biyu ne, ba za a sake yin su ba sai baɗi war haka. GST 222 nauyinta 2 ne kacal, amma ba a yaye ɗalibi sai da ita. HAU 408 nauyinta 3, kuma matsakaicin makina yanzu 3.58 ne, ga shi iyakar babban mataki na biyu 3.50 ce. Sifili a kwas mai nauyi 3 zai iya ja ni ƙasa da wannan iyaka bayan wahalar shekara huɗu.

Akwai kuma maganar shekaru, wadda ban cika son faɗa ba, amma dole Malam ya sani. Ban shigo jami'a da wuri ba. Bayan sakandare na daɗe ina koyarwa a wata islamiyya a garinmu ina tara kuɗin makaranta. Da na shigo kuma, muna aji ɗaya aka shiga yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas muna gida. A watan Nuwamba mai zuwa zan cika shekara 30. Ƙa'idar hukumar yi wa ƙasa hidima ita ce wanda ya haura 30 a lokacin da ya kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Idan na gama bana ina cikin layi. Idan na ƙara shekara na fita. Alawus ɗin wannan shekarar na riga na yi masa lissafi, da shi nake fatan biya wa ƙanwata kuɗin makarantar koyon aikin jinya.

To ga roƙona, Malam. Ba na neman a taɓa HAU 408. Mu 86 ne a ajin, bai kamata a tayar da kowa saboda ni ba. GST 222 ce nake roƙo a gusa mini, kuma ina ganin ƙofarta a buɗe take, tunda rukuni-rukuni ake yin ta. A jerin da cibiyar kwamfuta ta liƙa, akwai rukuni na biyar ranar Talatar da ƙarfe 2:00 na rana, akwai kuma 'yan tsangayar ilimi da za su yi tasu ranar Laraba, 16 ga wata, da safe. Ba ni da jarrabawa a ko ɗaya daga cikin waɗannan lokutan. Na je cibiyar jiya da yamma na yi wa jami'in da ke kan tebur bayani. Ya saurare ni da kyau, ya ce mayar da suna daga rukuni zuwa rukuni aikin minti kaɗan ne a wurinsu, amma ba sa yi da bakin ɗalibi, sai da takarda daga jami'in jarrabawa na sashe, da sa hannun Shugaban Sashe, zuwa ga sashen kwasa-kwasan bai-ɗaya. Ya ƙara da cewa ranar Juma'a, 4 ga Yuli, da ƙarfe 12:00 za su kulle jerin sunaye. Wannan takardar nake roƙon Malam ya taimaka ya rubuta mini. Da so samu ne, na ƙarfe 2:00 na fi buƙata, in fito daga Ginin Jimla, in yi sallar azahar, in wuce can.

Idan ana tsoron kada in ji tambayoyi daga bakin waɗanda suka riga ni shiga, na yarda da duk sharaɗin da za a gindaya. Zan miƙa wayata ga mai sa ido tun kafin 9:00, in zauna a ofishin sashe ko duk inda aka ce daga 12:00 har lokacin shiga, a haɗa ni da wanda zai raka ni masallaci da cibiyar. Ruwana da abincina zan zo da su daga ɗaki. Idan kuma hukuma ta ga wata hanyar da ta fi wannan, ni mai biyayya ne, muddin zan rubuta duka biyun a wannan zangon.

Ba ni kaɗai ba ne. Akwai 'yan ajinmu biyu da ke ɗauke da GST 222, su ma an sa su rukuni na biyu: masu lamba HAU/21/0093 da HAU/21/0162. Na yi magana da su, sun amince in ambace su, kuma kowannensu zai turo nasa imel ɗin yau. Ta biyun tana da goyo, daga cikin gari take zuwa kullum. Idan takarda ɗaya za ta iya ɗaukar sunayenmu mu uku, aikin zai zo wa Malam da sauƙi.

Na maƙala abubuwa huɗu a jikin wannan saƙo: fom ɗin rajistar kwasa-kwasaina na bana mai sa hannun Kodinata, hoton jadawalin gwaji da na ƙarshe inda na ja layi ƙarƙashin HAU 408, takardar shiga jarrabawar kwamfuta mai nuna rukunina, da kwafin takardar asibitin mahaifiyata. Na asalin suna hannuna.

Gobe Alhamis da ƙarfe 8:30 na safe zan kasance a ƙofar ofishinku, in Allah ya yarda. Idan takardar ta samu, ni zan kai ta ofishin Shugaban Sashe, in jira sa hannu, in wuce da ita sashen kwasa-kwasan bai-ɗaya da ƙafata, don kada a ɗora wa masinja ƙarin zirga-zirga a wannan makon. Idan kuma lokacin bai yi wa Malam ba, a sanar da ni ta wannan imel ɗin ko ta bakin wakilin aji, ina cikin makaranta har dare.

Na gode ƙwarai da haƙurin karanta dogon saƙona. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a.

Wassalam.

Ɗalibinku,
Nasiru Garba
Aji huɗu, Sashen Harsunan Nijeriya
HAU/21/0147